Kafin ka taɓa hoton da ya ji jiki, nemo asalinsa

'Yan'uwa, ga shawara kan hoton da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu har ya dusashe.

Duk sanda aka sake adana hoto a tsarin JPEG, ana matse shi ne a ƙananan murabba'ai, kowanne ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance, kuma abin da aka zubar ya tafi ke nan. Zuƙo hoton sosai ka duba. In ka ga murabba'ai sun fito a sararin sama ko a kumatun mutum, ko wata ƙura-ƙura ta kewaye haruffa, to an matse shi ya fi sau ɗaya ko an matse shi da ƙarfi.

Saboda haka kada ka fara da gyara. Saka hoton a TinEye ko Google Lens, ka nemo kwafin da ya fi girma. An taɓa turo mini hoton wata takarda mai faɗin ɗigo 720, lambobin ciki sun cakuɗe, 3 da 8 ba sa rabuwa. Na roƙi wanda ya ɗauka ya sake turo mini a WhatsApp ta Document, ba ta wurin hotuna ba. Sai ga shi da faɗin ɗigo 4000, kowace lamba tar.

In asalin ya ɓace, mayar da wanda ke hannunka PNG kafin komai, don kada gyaranka ya ƙara masa rauni. Rage ƙurar tukuna, sannan ka girmama shi, ƙara kaifi ya zo ƙarshe, shi ma kaɗan. In ka fara da kaifi, murabba'an nan za ka kaifafa.

Don Allah a kula da manhajojin girmama hoto masu ƙirƙirarriyar basira. Cike gurbi suke da hasashe, suna iya sauya lamba ko kamannin fuska, don haka kada a kafa hujja da abin da suka fitar.