Yadda Mai Rumfa Zai Riƙe Littafin Kuɗi Ya Gane Ribarsa a Ƙarshen Wata

Kuɗin da ke akwati da yamma ba riba ba ne. A cikinsu akwai uwar kuɗi, akwai na dilan da ya ba ka kaya bashi, akwai na haya. Littattafai biyu masu layi da biro sun isa a raba su, in dai za a rubuta a kan lokaci.

Na farko shi ne littafin shiga da fita. Kowace rana ta ɗauki shafi biyu masu kallon juna, hagu na kuɗin da suka shigo, dama na waɗanda suka fita. A saman hagu rubuta canjin da ka buɗe rumfa da shi. Ba sai ka rubuta kowane ƙullin gishiri ba, amma ka raba tsabar kuɗi da tiransfa, kuma kada ka rubuta tiransfa sai ka gan ta a asusunka, don alat na bogi ya yi yawa. A dama ka faɗi abin da kuɗin suka yi: sari, dako, leda, kuɗin gadi, sallamar yaro. Kuɗin cefane su samu layinsu daban, haka zubin adashi, domin waɗannan kai ka ɗauka, ba rumfa ta ci ba.

Kafin ka rufe, haɗa canjin safe da tsabar da ta shigo, cire wadda ta fita, sannan ƙirga akwati. In bai yi daidai ba, nemo dalilin a ranar. Bayan kwana uku ba wanda zai tuna ɗan dakon da aka biya a tsaye.

Na biyu littafin bashi ne, kowane mutum da shafinsa: kwanan wata, abin da ya ɗauka, abin da ya kawo. Kayan da aka ɗauka bashi ciniki ne tun ranar da suka fita. Saboda haka in mai bashi ya kawo kuɗi, sa su a hagu da alamar “biyan bashi”, kada ka sake ƙirga su cikin ciniki. Nan ne lissafin mutane da yawa ke kumbura. Shafukan baya ka bar wa dilolin da ke bin ka.

Sai aikin da ake ƙi, wato ƙirga kaya. Ran ƙarshen wata bi buhu-buhu, katan-katan, har buhun da aka fasa ka auna mudun da ya rage. Yi musu kuɗi a farashin da ka saro, ba wanda kake sayarwa ba. Abin da ya lalace kada ka ƙirga shi.

Mu ɗauki mai kayan masarufi da ke sari a kasuwar Singa ta Kano. Ya shiga wata da kayan naira 600,000. Cikin watan ya saro na 1,400,000, har da wanda bai gama biya ba. Ran ƙirga ya tarar da na 700,000. To kayan da suka fita na 1,300,000 ne, wato 600,000 da 1,400,000, a cire 700,000.

Cinikinsa kuwa: tsaba 900,000, tiransfa 480,000, bashi 120,000, jimla 1,500,000. A cire 1,300,000, saura 200,000. Wannan bai zama riba ba tukuna, sai an fitar da abin da rumfa ta ci. Hayarsa 120,000 ce a shekara, don haka watan yana ɗaukar 10,000 ko da tun bara aka biya. Dako 18,000, leda 7,000, yaro 25,000, gadi da kuɗin kasuwa 5,000. Duka 65,000, riba ta tsaya a 135,000.

Yanzu a duba layin cefane. Kullum yana zarar 5,000, kwana 30 ya zama 150,000. Ya ci ribar kaf, ya kuma gutsuri 15,000 daga uwar kuɗi, alhali 120,000 na cinikin ma suna hannun mutane. Rumfa cike take, shi ya sa ba ya gani. In kuma yana ɗibar taliya ko mai zuwa gida, dole su shiga wannan layin a farashin sari, a mayar da kuɗinsu kan riba, in ba haka ba sai ya zargi yaro a banza.

In farashi na hawa, kada ka taɓa ribar duka. Buhun da ka sayar da riba a farkon wata wataƙila kuɗinsa ba za su saro wani ba a ƙarshensa, don haka ka riƙa rubuta yawan buhuna da katan kusa da kuɗinsu, ka kwatanta da na watan jiya.