Darasi na 9: Ragowar Shinkafa, Busasshen Burodi da Gutsattsarin Kayan Miya

'Yan uwa ɗalibai, barkanku da zuwa. A karanta wannan darasi a hankali, layi bayan layi. Wanda ya tsaya a wata kalma ya sa yatsa a kanta ya sake karantawa, babu mai gaggawa. Za mu fara da shinkafa, kuma a kanta za mu fi daɗewa, domin a nan ne aka fi yin kuskure.

Kashi na 1: Shinkafar da ta rage

Ɗanyar shinkafa tana zuwa da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Dahuwa ba ta kashe su duka, wasu suna lafewa ne kawai. Idan aka bar dafaffiyar shinkafa a rufe cikin tukunya tana ɗumi-ɗumi, sai su farfaɗo su hayayyafa, su zuba guba a cikin abincin. Wannan guba wuta ba ta kashe ta. Ko an ɗumama shinkafar har tana tururi, gubar tana nan. Wanda ya ci yakan fara amai tsakanin awa 1 zuwa awa 5, wani kuma gudawa ce za ta kama shi daga baya. Yara ƙanana, tsofaffi da masu juna biyu sun fi jin jiki.

Saboda haka aikin ba na gobe da safe ba ne. Aikin na daren yau ne, kuma ga shi: a baza shinkafar ta huce da wuri.

Mu ɗauki misali. Kin sauke shinkafa da ƙarfe 7 na dare, kin zuba wa kowa, saura kamar kwano 2 a tukunya. Kada ki mayar da murfi. Ɗauko babban faranti ko tire mai tsabta, ki juye shinkafar a kai da cokali mai tsabta, ki baza ta. Kaurinta kada ya wuce faɗin yatsu 2. Ki ajiye ta inda iska take, ki rufa mata rariya saboda ƙuda. A haka cikin minti 20 zuwa 30 za ta huce. Da ta huce, ki zuba a roba mai murfi ki sa a firji. Kafin ƙarfe 8 a ce tana cikin firji, wato awa 1 daga sauke ta.

Me za a fara yi? A baza ta. A ina? A kan tire, ba a tukunya ba. Yaushe? Da an gama rabon abinci, ba sai an dawo daga hira ba. Ku sake karanta wannan sau 2 da babbar murya. Madalla.

Na san abin da wasunku za su ce: ai mukan zuba a kula ne ta kwana da ɗuminta. To, wannan ɗumin shi ne matsalar. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci, daga nan abinci ya koma ba zafi ba sanyi, kuma a nan ne ƙwayoyin suka fi yaɗuwa. Wasu kuma sukan ce za su sansana da safe, in ba ta yi tsami ba sai a ci. Hanci ba ya jin wannan guba. Shinkafar da ta yi yauƙi ko tsami lallai ta lalace, amma wadda ba ta yi ba ma tana iya sa amai. Haba jama'a, kullum sai an faɗi wannan a aji, kuma kullum sai an sami wadda ta bar tukunya a rufe a kan murhu har asuba. Don Allah a daina. A baza ta a tire.

Wanda ba shi da firji fa? Gaskiyar magana ita ce, a zafin ƙasarmu dafaffiyar shinkafa ba ta kwana a waje lafiya. A cinye ta cikin awa 2 da saukewa, lokacin bazara kuwa cikin awa 1. In ta fi ƙarfin gida, a miƙa wa maƙwabta ko almajirai tun tana da zafinta, kada a jira sai da safe a ba su abin da za a ji tsoron ba ɗan cikin gida. Gobe kuma a rage awo. Mai firji shi ma ya lura da wuta. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke wuta. In wutar ta kwana ba ta dawo ba, shinkafar ta zama kamar wadda ta kwana a waje.

Yanzu washegari. Shinkafar da aka baza, ta huce, ta kwana a firji, ita ce ta fi daɗin soyawa domin ba ta caɓewa. Zuba mai cokali 3 a kasko, soya albasa 1 da attaruhu 2, sa yankakken karas da kabeji. Fasa ƙwai 2 ki juya har ya daskare. Sai ki zuba shinkafar, ki farfasa dunƙulen da cokali, ki sa gishiri da kayan ɗanɗano. Ki ci gaba da juyawa har tururi ya riƙa fita daga ko'ina, har tsakiya. Ana ɗumama shinkafa sau 1 ne tak, kuma cikin kwana 1 da dafa ta. Abin da ya rage bayan wannan ba ya komawa firji.

Kafin mu wuce, tambaya ɗaya: wace shinkafa ake soyawa? Wadda aka baza jiya da dare.

Kashi na 2: Burodin da ya bushe

Burodin da ya yi tauri bai lalace ba. Wanda ya lalace shi ne mai fumfuna, wato ɗigo-ɗigon kore, baƙi ko fari mai kama da auduga. In an ga haka a zubar da shi duka. Kada a yanke wurin a ci sauran, domin burodi yana da taushi, saiwoyin fumfunar sun riga sun shiga ciki.

Mai tauri kuwa, a kaɗa ƙwai 2 da madara kaɗan, a tsoma yanka 4, a soya har ƙwan ya dahu ciki da waje. Ko kuma a gasa shi a busasshen kasko har ya yi ƙaras-ƙaras, a daka, a tankaɗe. Wannan gari ana barbaɗa wa kifi ko kaza kafin suya. A bari ya huce sosai kafin a zuba a kwalba, in ba haka ba zai yi gumi ya yi fumfuna.

Kashi na 3: Gutsattsarin kayan miya

A wanke kayan miya kafin a fere su, ba bayan an fere ba. Bawon karas, lawashi, tsakiyar kabeji da karan alayyafo masu taushi, a tara su a tukunya da ruwa kofi 4, a tafasa minti 30, a tace. Da wannan ruwa ake dafa miya ko dafa-duka a ranar. Banda ruɓaɓɓe, banda bawon dankalin turawa da ya yi kore ko ya tsiro, wannan yana da guba.

Aikin gida

Rubuta a littafinki: ƙarfe nawa aka sauke shinkafa a gidanku yau, ƙarfe nawa aka baza ta, kuma ina ta kwana. A kawo mako mai zuwa.