Darasi: Rubuta Takardar Shaidar Biyan Wani Ɓangare na Bashi da Faɗin Abin da Ya Saura

A kasuwannin Kumasi, daga Kejetia har rumfunan Aboabo da Asawase, kaya da yawa ba a biyan kuɗinsu gaba ɗaya. Mai saye kan ba da abin da ke hannunsa, a bar sauran sai kasuwa ta yi. Saɓanin da ke biyo baya ba kasafai yake kan kuɗin da aka miƙa ba, domin kowa ya ga an ƙirga. A kan ciko ake samun matsala: mai kaya yana riƙe da adadi ɗaya a ransa, mai saye yana riƙe da wani. Saboda haka takardar da ta ce “na karɓi sidi dubu” kawai ta yi rabin aiki ne. Sai ta faɗi dubun daga cikin nawa aka cire ta, da kuma nawa ya rage. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da a rubuta bashi kuma a kafa shaidu, don haka kada kowa ya ɗauki neman takarda a matsayin rashin yarda.

Lambobi uku

Kowace takarda tana ɗauke da lambobi uku, a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: abin da ake bi kafin yau, abin da aka biya yau, da abin da ya saura. A cire ta biyu daga ta farko, a sami ta uku. Kafin a sa hannu a gwada lissafin ta baya: a haɗa abin da aka biya da abin da ya saura. In bai koma lambar farko ba, akwai kuskure, kada a sa hannu tukuna.

Mu ɗauki misali. Wata Hajiya mai sayar da shinkafa da wake a Sabon Zongo ta ɗauki buhu 4 na shinkafa a wurin wani Alhaji, kowane buhu a kan sidi 650. Farashin na koyon lissafi ne kawai. Buhu 4 sau 650 ya kama sidi 2,600. Ta ba da sidi 1,000 nan take. Ga yadda Alhaji zai rubuta:

Kwanan wata: 03/03/2025
Ni, (cikakken sunan mai kaya), na karɓi kuɗi daga hannun (cikakken sunan mai saye), a matsayin wani ɓangare na kuɗin shinkafa buhu 4, kowane buhu GH₵650.
Jimlar kuɗin kaya: GH₵2,600
An biya yau, kuɗi hannu: GH₵1,000 (sidi dubu ɗaya)
Saura: GH₵1,600 (sidi dubu ɗaya da ɗari shida)
Za a kawo cikon ranar 31/03/2025.
Sa hannun mai karɓa. Sa hannun mai biya. Sa hannun shaida.

A lura da kalmomin “wani ɓangare na”. Idan ba a sa su ba, takardar za ta iya karantuwa kamar sidi dubun ne kuɗin kayan duka. A lura kuma da ranar ciko. “Ƙarshen wata” ko “bayan Salla” magana ce ta baki, kowa da yadda zai fahimce ta. A takarda rana ake sawa, da wata, da shekara, a wannan jerin kamar yadda aka saba a Ghana.

Hannu biyu ake so a takardar, domin kowanne da abin da yake tabbatarwa. Hannun Alhaji ya shaida cewa dubu ɗaya ta shigo. Hannun Hajiya ya shaida cewa ta yarda ana bin ta dubu ɗaya da ɗari shida. Mutane da yawa mai karɓa kaɗai ke sa hannu, sai takardar ta kare mai saye, ta bar mai kaya ba abin kamawa.

Tsohon kuɗi da sabo

A watan Yuli na 2007 Ghana ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Har yau akwai masu ƙirga da tsohon lissafi, musamman manya: sidi 100 su ce miliyan ɗaya. A bakinsu, abin da Hajiya ta biya miliyan goma ne, abin da ya saura kuma miliyan goma sha shida. A yi ciniki da duk lissafin da aka saba, amma a takarda sabon kuɗi kaɗai ake rubutawa, da alamar GH₵ a gaban lambar. Idan ɗayansu da miliyan yake ganewa, a faɗa masa da baki: “Hajiya, saura sidi dubu ɗaya da ɗari shida, wato miliyan goma sha shida.” Sai ta amsa ta maimaita. Kada a cakuɗa lissafin biyu a shafi ɗaya, domin wanda zai karanta bayan wata uku ba zai san wanne ake nufi ba.

Ana rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi saboda lamba tana da sauƙin taɓawa. Sifili ɗaya a ƙarshen 100 ya mayar da ita 1000, kuma ɗan jan biro a kan sifili ya mayar da shi 6 ko 9. Kalmomi ba sa gyaruwa haka cikin sauƙi. A manna lambar kusa da alamar GH₵ ba tare da barin fili ba, a ja layi bayan kalma ta ƙarshe. Da biro ake rubutu, ba fensir ba.

Biya na biyu

Nan ne yawancin littattafan bashi suke rikicewa. Bayan sati biyu Hajiya ta turo sidi 700 ta waya. Sabuwar takarda ba ta farawa daga 2,600. Tana farawa ne daga inda ta farko ta tsaya:

Kwanan wata: 17/03/2025
Saura daga takardar 03/03/2025: GH₵1,600
An biya yau ta MoMo: GH₵700 (sidi ɗari bakwai)
Saura: GH₵900 (sidi ɗari tara)

Wanda ya manta ya cire 700 daga 2,600 zai sami 1,900, ya ɗora wa Hajiya dubun da ta riga ta biya. Alamar wannan kuskure a fili take: an kawo kuɗi, amma saura ya fi na baya yawa. Duk ranar da aka biya wani abu ba a ɗauki sabon kaya ba, dole saura ya ragu.

Saƙon da ke shigowa waya bayan an tura kuɗi yana nuna adadin da aka tura, da lokaci, da lambar da ake kira Transaction ID. Bai san bashi ba, bai san shinkafa ba, ba zai taɓa faɗin abin da ya saura ba. Don haka shi kaɗai bai isa ba. A kwafi lambar nan a gefen 700 ɗin a cikin littafi. Mai kaya ya duba kuɗin da ke cikin asusunsa da kansa kafin ya rubuta an biya, kada ya dogara da hoton saƙon da aka nuna masa. Idan ba a tare ake ba, ya aika da rubutaccen saƙo mai lambobin nan uku: “Hajiya, barka da aiki. Na ga sidi 700. Da ma ana bin 1,600, yanzu saura 900.” Ita kuma ta mayar da amsa a rubuce cewa haka ne. Sannan tun farko a yi magana kan ladan cire kuɗi a wurin mai MoMo, wa zai ɗauka. In ba a yi ba, Hajiya za ta ƙirga 700, Alhaji ya ƙirga abin da ya shigo hannunsa bayan an zare lada, ƙananan kuɗi su yi ta taruwa tsakaninsu.

In yaro aka aiko da kuɗin, a rubuta “ta hannun” da sunansa, a ba shi takardar ya kai.

Sabon kaya kan tsohon bashi

A ce ranar 24/03/2025 Hajiya ta ƙara ɗaukar buhu ɗaya, ta kuma ajiye sidi 500. Kada a yi lissafin a ka a rubuta sakamako kawai. Kowane mataki da layinsa: tsohon saura 900, sabon buhu 650, sun haɗu 1,550, an biya 500, saura 1,050. Da haka ko ɗanta ne ya zo duba littafin zai bi layi-layi ya ga dalilin da saura ya tashi daga 900 zuwa 1,050.

Wanda bai iya karatu ba

Shi ma a ba shi takarda. Wani wanda ya yarda da shi, ba yaron shagon mai kaya ba, ya karanta masa ita da harshen da yake ji, Hausa ko Tuwi ko wani, kafin ya dangwala babban yatsa. Dokar Ghana mai kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta samo asali tun 1912, ta ɗora wa mai rubuta wa irin wannan mutum takarda ya karanta masa, ya yi masa bayani, ya kuma sa sunansa a kai. A ƙara layi ɗaya a ƙasa: “An karanta mata da Hausa, ta ce ta fahimta, sannan ta dangwala yatsa.” Mai karantawar ya sa hannu.

Kwafi da gyara

Littafin rasit mai takardar kabon ya fi dacewa, domin rubutu ɗaya ke fita a shafi biyu: na sama na mai biya, na ƙasa ya zauna a littafi. Wasu littattafan da aka buga ba su da layin saura, sai a ƙara shi da hannu tun kabon yana ciki. In babu kabon, a rubuta biyu iri ɗaya, a sa hannu a kan kowace. Idan an yi kuskure kada a goge, kada a murje da biro. A ja layi ɗaya yadda tsohuwar lambar za ta ci gaba da ganuwa, a rubuta daidai a samanta, su biyun su sa hannu a gefe.

Ranar da aka kawo kuɗin ƙarshe, kada a bar layin saura fayau. A rubuta: “Saura: babu. An gama biyan kuɗin shinkafa buhu 5.”

Aikin gwaji

Wani tela a Alabar ya karɓi ɗinkin kayan Salla na sidi 480. An ba shi kafin alƙalami sidi 200. Bayan kwana goma aka turo masa sidi 150 ta waya. Ku rubuta takardu biyu, kowace da kwanan wata da lambobinta uku, da lamba da kalmomi. Ku gwada lissafin ta baya, sannan kowa ya karanta wa na kusa da shi tasa da ƙarfi, shi kuma ya faɗi abin da ya saura ba tare da ya kalli takardar ba.