Darasi na Bakwai: Yadda Ake Nemo Sunan da Aka Rubuta Kala-kala a Kwamfuta

Mu ɗauka kina aiki a ɗakin kati na asibiti, ko kana riƙe da rajistar ƙungiyar manoma, sai mutum ya zo yace sunansa Muhammadu, ka buga, kwamfuta tace babu. Alhali yana ciki, kawai dai wanda ya shigar da shi bara ya rubuta Mohammed ne, in kuma takardarsa daga Maraɗi ta fito to Mahamadou za a gani. Ita kwamfuta harafi take kwatantawa da harafi, ba ta da kunne, shi yasa ake buɗe wa mutum ɗaya kati biyu ko uku, tarihin ciwonsa ya warwatse.

Akwai tsohuwar dabara da ake kira Soundex, wani Robert Russell ne ya yi mata rajista a Amurka a 1918, daga baya ma da ita aka jera sunayen tsofaffin takardun ƙidayar jama'a na can. Abin da take yi shi ne ta mayar da kowane suna harafi ɗaya da lamba uku, sai a kwatanta wannan a maimakon rubutun.

Ga yadda ake yi, da biro da takarda ma za ka iya. Harafin farko ka barshi yadda yake. Sauran kuma ka watsar da a, e, i, o, u, h, w, y, abin da ya rage ka bashi lamba:

```
1 = B F P V
2 = C G J K Q S X Z
3 = D T
4 = L
5 = M N
6 = R
```

In haruffa biyu masu lamba ɗaya suka zo manne da juna a asalin rubutun sunan, tun kafin ka watsar da komai, sau ɗaya ake ƙirgawa. In lambobin basu kai uku ba ka cike da sifili, in sun wuce ka yanke.

To mu gwada da Muhammadu. M ta tsaya. U da h da a sun tafi. Mm ɗin nan guda biyu a manne suke, 5 ɗaya kenan. D ta zama 3. Babu saura, sai mu ƙara sifili, ya fito M530. Yanzu yi Mohammed da kanka, sannan Mahamadou, duk M530 za ka samu, wato bugu ɗaya ya kawo maka su gaba ɗaya. Mai kula da manhajar ofishinku zai rubuta abu kamar haka:

```sql
SELECT * FROM rajista
WHERE SOUNDEX(suna) = SOUNDEX('Muhammadu');
```

Amma fa a tsaya a nan, don wallahi nan ne ake yin ɓarna. Lissafa Mahmud ka gani, shi ma M530 ne, kuma kowa ya san Mahmud daban Muhammadu daban. Saboda haka abin da ya fito a allo jerin waɗanda ake zato ne kawai, ba a haɗe kati biyu sai an duba sunan uba, shekarar haihuwa, unguwa da lambar waya, in mai katin na gabanka ka tambaye shi baki da baki. Haɗe katin mutum biyu a asibiti ya fi raba katin mutum ɗaya haɗari, ana iya ba wani magani bisa tarihin ciwon da ba nasa ba.

Matsala ta biyu harafin farko ne, tunda shi ba a taɓa shi. Usman U255 ne, Ousmane kuwa O255, lambobin iri ɗaya sak amma kwamfuta ba zata haɗa su ba. Haka Yusuf da Issoufou, Y210 da I210. Duk inda rajista ta ƙunshi mutanen Najeriya da na Nijar wannan sai ya faru, domin rubutun wancan gefen ya bi ƙa'idar Faransanci, ou a wurin u, ch a wurin sh. Maganinsa a gyara sunan kafin a lissafa, a mayar da ou ta koma u, haka kuma ɗ, ƙ, ɓ a mayar da su d, k, b a cire alamar da ke cikin A'isha, don dabarar haruffan Turanci kaɗai ta sani. In babu mai gyara muku manhaja, to ka buga sau biyu, da U sannan da O.

Sai kuma laƙabi, wanda babu lissafin da zai kamo shi. Abubakar da Aboubacar sun haɗu a A112, amma Garba G610 ne, Bukar B260, ko da yake mu mun san duk suna ɗaya ne. Wannan sai dai ku ware shafi a littafi ku rubuta su da hannu a liƙa kusa da kwamfutar, duk sabon da aka ci karo da shi a ƙara.

Aikin gida: fitar da lambar Ibrahim da Ibraheem, sannan Aisha da Aishatu. Biyun ƙarshe ba zasu zo ɗaya ba, rubuta harafin da ya raba su, ka zo da takardarka aji na gaba.