Kwatanta tallan makon sallah da na watan da kasuwa ta kwanta

A ce kana sayar da shadda a Gusau. Ka kashe naira 20,000 a tallan Facebook gab da ƙaramar sallah, oda 60 suka shigo. Wata biyu bayan babbar sallah ka kashe daidai wannan kuɗi, ka samu 24 kacal. Kada ka yi saurin cewa talla na biyu ya faɗi.

Da farko ɗauko littafin cinikin bara, lokacin da ba ka talla. Nemo kwanakin da lissafin Musulunci, domin sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, Afrilun bara ba Afrilun bana ba ne. Tsawon kwanakin ma ya zo ɗaya, 14 da 14.

Sai ka ƙirga odar kowane lokaci. A ce ta sallah 40 ce, ta ɗaya lokacin 15. Raba 40 da 15, ka samu kusan 2.7: sallah ita kaɗai tana ninka cinikinka haka, ko ba talla.

Yanzu raba 60 ɗin bana da 2.7. Ya ba da wajen 22, ƙasa da 24 ke nan. Ashe tallan da ka raina bai gaza na sallah ba.

Ƙirga oda, kada ka ƙirga naira, tunda farashin shadda ya tashi daga bara. Idan kuma kaya sun yanke maka ko sabis ɗin waya ya ɗauke a kwanakin bara, lissafin ya gurɓata, sai ka koma littafin bara waccan.