Kurakuran da aka fi yi wajen daidaita rahoton kuɗin waya da littafin shago

A ce an tashi kasuwa, littafin ciniki ya nuna an karɓi 86,400 ta waya a layi 31, amma rahoton manhajar biyan kuɗi ya ce 80,982 ne suka shiga. Giɓin ya kama 5,418. Abin da yawancin masu shago ke fara yi shi ne su bi littafin suna neman cinikin 5,418, kuma ba za su same shi ba, domin giɓi ba kasafai yake zama ciniki ɗaya ba. Galibi kurakurai uku ko huɗu ne suka haɗu, wasu suna ƙara shi, wasu suna rage shi.

Kuskuren farko shi ne kwatanta abubuwa biyu da ba jinsinsu ɗaya ba. Littafi yana rubuta abin da kwastoma ya biya, rahoto kuma sau da yawa yana nuna abin da ya rage bayan kamfani ya cire cajinsa. Alamarsa a fili take: duk kuɗin da ke littafi sun ƙare da sifili biyu, amma giɓin ya ƙare da 18. A wannan misalin cajin kashi 1 cikin ɗari ne. Idan aka koma ga ginshiƙin kuɗin da aka biya kafin caji, jimillar ita ce 81,800 a layi 29, cajin kuma 818. Wannan 818 kashewa ce ta shago, sai a rubuta ta a gurbin kashe-kashe. Kada a rage ta daga kowane ciniki, don yin haka yana ɓata lissafin riba. Yanzu giɓin gaske ya koma 4,600, kuma ƙirgen layuka ya riga ya faɗa mana cewa aƙalla ciniki biyu na littafi ba su da abokin zama a rahoto.

Na biyu ya fi kowanne ɓarna, wato haɗa layi da layi ta hanyar adadin kuɗi kawai. Idan mutum uku suka biya 2,500 a rana ɗaya a littafi, rahoto kuma ya nuna biyu, wanne ne bai shigo ba? Mai dubawa zai sa wa biyun farko alama ya ɗora laifin a kan na uku, alhali wataƙila na farkon ne ya faɗi. Abin da ke raba su shi ne lambar shaidar ciniki, wadda manhaja ke ba kowane biya ita kaɗai. Duk wanda ke kan kanta ya rubuta wannan lamba a gefen ciniki a lokacin da aka biya, ko da haruffa shida na ƙarshe ne. Inda babu ita, sai a haɗa abu uku tare: adadi, lokaci, da sunan mai turowa. Suna kaɗai ba abin dogaro ba ne, tunda mutane na biya da wayar wani.

Idan ana aiki da Excel, a zuba rahoton a shafi mai suna Rahoto, lambar shaida a ginshiƙin A, kuɗin kafin caji a C, littafi ma a jera shi haka a wani shafin. In haruffa shida na ƙarshe kawai aka rubuta a littafi, a yanke lambobin rahoto su ma zuwa shida na ƙarshe. Sai a sa waɗannan a gefen kowane layin littafi:

```
=COUNTIF(Rahoto!A:A, A2)
=C2-SUMIF(Rahoto!A:A, A2, Rahoto!C:C)
```

Na farko in ya ba da 0, cinikin ba ya cikin rahoto. In ya ba da 2, lambar ta maimaitu. Na biyu yana nuna bambancin kuɗi ga layin da lambarsa ta dace. Akwai tarko a nan: Excel ba ya riƙe lamba fiye da alƙaluma 15, yana mayar da sauran sifili, yana kuma zubar da sifilin farko. Don haka a shigo da ginshiƙin a matsayin Text, sannan a liƙa wa kowace lamba harafi a gaba a ɓangarorin biyu, misali `="T"&TRIM(A2)`, a yi kwatancen da sabon ginshiƙin. TRIM ɗin yana kwashe sararin da ke ɓoye a ƙarshen lamba, wanda ke sa lambobi biyu iri ɗaya su ƙi haɗuwa. Kuma a yi binciken ta ɓangare biyu. Wanda ya duba littafi a cikin rahoto kawai ba zai taɓa ganin kuɗin da ya shigo ba a rubuta shi ba.

A misalinmu layi uku suka fito. Na farko cinikin 3,000 ne da aka yi da ƙarfe 11:52 na dare, babu shi a rahoton ranar, amma yana kan gaba a rahoton washegari. Ranar shago da ranar kamfanin biyan kuɗi ba lallai su ƙare lokaci ɗaya ba. Wasu rahotannin ma da agogon UTC suke aiki, wato agogon duniya wanda ba lallai ya yi daidai da na shago ba. Saboda haka a riƙa sauko da rahoton da ya haɗa da jiya da gobe. Wannan 3,000 ba kuskure ba ne, kuɗi ne da ke kan hanya, kuma ba a taɓa littafi saboda shi.

Layi na biyu shi ne 2,500 da babu shi a ko'ina cikin kuɗin da suka shiga. Da aka cire tacewar da ke nuna waɗanda suka yi nasara kawai, sai ga shi da alamar Failed. Kwastoma ya nuna rasit a fuskar wayarsa, an rubuta, an ba shi kaya, daga baya kuɗin ya koma masa. Rasit ɗin mai biya shaida ce cewa ya tura, ba shaida ce cewa ya iso ba, ballantana hoton rasit da ake iya ƙirƙira. Abin da ke cikin manhajar shago shi ne hujja. Wannan 2,500 ya tashi daga kuɗin waya ya koma bashi a kan kwastoma. Da Pending aka gani, wato biyan bai kammala ba tukuna, sai a jingine shi a sake dubawa gobe, kada a yanke masa hukunci yau.

Na uku lambarsa ta dace, amma littafi ya ce 4,500, rahoto ya ce 5,400. An juya alƙaluma ne wajen rubutu. Irin wannan yana da alama: bambancin kullum yana rabuwa da 9 ba saura, kamar 900 a nan. Haka nan idan bambanci ya zama ninkin wani ciniki daidai, a duba ko an rubuta kuɗin da aka mayar wa kwastoma a matsayin kuɗin shiga. Lura da cewa wannan 900 ya rage giɓin ne: 3,000 da 2,500 sun yi 5,500, a cire 900 ya saura 4,600. Da kurakuran sun zo daidai da juna, jimilla za ta dace alhali littafin a lalace yake. Shi ya sa dacewar jimilla ba ta isa a rufe littafi ba sai an bi layuka.

Wajen gyara kuma kada a goge komai, kada a rubuta sabon adadi a kan tsoho. A ƙara sabon layi mai kwanan wata, lambar shaidar, dalili, da sa hannun mai gyaran. Kada kuma a cike giɓi da layin "sauran bambanci" don kawai a tashi, domin cinikin daren nan zai bayyana gobe ya haifar da sabon giɓi ta ɗaya ɓangaren. Gwajin ƙarshe shi ne ɓangarorin biyu su haɗu a adadi ɗaya: littafi 86,400, a cire 2,500, a ƙara 900, ya zama 84,800, rahoto 81,800, a ƙara 3,000 da ke kan hanya, shi ma 84,800. Sai a ɗauki 3,000 ɗin a rubuta shi a saman takardar gobe, don kada a nema masa ciniki a littafin ranar da ba tasa ba.