Darasi na Bakwai: Ajiye Ruwan Inabi da Ba a Buɗe Ba

A nan Jos, ruwan inabi yana shiga gidaje ta hanyoyi da yawa. Wani ya saya don bikin aure ko Kirsimeti, wani aka kawo masa kyauta, wani kuma kuku ne ko mai kula da sito a gidan da yake aiki, aka damƙa masa kwalabe ya adana. Ruwan inabin da muke magana a kansa shi ne mai barasa. Wanda ba shi da barasa yana ɗauke da ranar lalacewa a jikin kwalba, kuma ita za a bi.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kowace kwalba tana ƙara daɗi idan ta daɗe. Kaɗan ne ƙwarai aka yi don dogon ajiya, kuma masu tsada ne. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kantunanmu an yi su ne don a sha cikin shekara ɗaya zuwa uku.

Zafi

Zafi ya fi komai ɓata ruwan inabi a ƙasarmu. Sanyin da ruwan inabi yake so shi ne digiri 12 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas. Idan ɗaki ya wuce digiri 21, ruwan inabin yana saurin tsufa. Idan kuwa ya kai wajen digiri 30 ya yi kwanaki a haka, ƙamshin 'ya'yan itacen yana gushewa, ɗanɗanon ya koma kamar na abin da aka dafa, kuma ko an sa shi a firij daga baya ba zai gyaru ba.

Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, shi ya sa muka fi Abuja sanyi. Amma kada sanyin garin ya ruɗe ku. A watan Maris da Afrilu, ɗakin da rufinsa kwano ne babu silin yana ɗaukar zafi sosai da rana, da dare kuma ya huce. Wannan hawa da sauka ma ɓarna ce. Idan ruwan ya ji zafi yana kumbura ya tura matoshin kwalbar. Idan ya huce sai ya koma, ya zuƙo iska ta gefen matoshin. Iskar da ke shiga a hankali ita ce ke kashe shi. Saboda haka wurin da yake tsaye a digiri 20 kullum ya fi wurin da ke kai 15 da asuba ya kai 30 da azahar.

Ku nemi ɗakin da ke tsakiyar gida, wanda bangonsa ba ya shan ranar yamma. Ku ajiye kwalaben ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin gado ko a ƙasan kabad ɗin kaya, domin iska mai zafi sama take hawa. Kada a ajiye su a kicin, ko a kan firij, ko kusa da janareto. Kada a bar kwali a bayan mota a rana yayin da ake sauran cefane. Firij yana da amfani na 'yan makonni ko wata biyu, amma iskarsa busasshiya ce, kuma inda ake yawan ɗauke wuta shi ma zafinsa hawa da sauka yake yi.

Haske

Hasken rana yana canza ƙamshin ruwan inabi, musamman fari da mai launin ruwan hoda da ke cikin kwalba garai-garai. Wanda haske ya taɓa yakan yi wari irin na dafaffen kabeji. Kwalba koriya ko mai duhu tana ɗan karewa. Maganin mai sauƙi ne: a bar kwalaben cikin kwalin da suka zo da shi, a rufe. Na san kwalba tana ƙawata kabad ɗin gilashi na falo, amma in ana son ado, a jera waɗanda aka riga aka shanye.

A kwance ko a tsaye?

Ku dubi bakin kwalbar. Idan murfin ƙarfe ne mai murɗawa, tana iya tsayawa ko kwanciya, duk ɗaya ne. Idan matoshi ne na ɓawon itace, wanda ake zarowa da ƙarfe mai murɗe, a kwantar da ita yadda ruwan zai riƙa taɓa matoshin. Matoshin ɓawon wata bishiya ne da ake samu da yawa a ƙasar Fotugal. Idan ya bushe yana tsukewa, iska ta samu hanya. Hunturunmu na Disamba da Janairu busasshe ne ƙwarai, don haka a nan kwanciyar ta fi zama dole. Kwalbar da za a sha cikin mako biyu ko uku ba laifi ta tsaya.

Tsawon ajiya, da misali

Shekarar da aka rubuta a gaban kwalba ita ce shekarar da aka girbe inabin, daga nan ake fara lissafi. Fari da ruwan hoda na yau da kullum suna kai shekara ɗaya zuwa biyu, ja kuma biyu zuwa uku, idan wurin yana da sanyi. A ɗaki mai ɗumi sai a rage. Mai zaƙi da aka ƙara wa barasa ya fi su jimiri. Wanda ke cikin leda a kwali bai kai ko ɗaya daga cikinsu daɗewa ba, kuma yakan zo da kwanan wata a jikinsa.

A ce wata uwa a Tudun Wada za ta aurar da 'yarta a Disamban 2025. Ta ji tsoron tashin farashi, sai ta sayi kwalabe 24 tun watan Fabrairu, ta jera su a tsaye a saman kabad ɗin kicin. Guda 12 ja ne masu matoshin ɓawo, an rubuta 2023. Sauran 12 farare ne a kwalba garai-garai, masu murfin ƙarfe, an rubuta 2022. Ƙanenta da ke aiki a otal ya gani, ya ce, "Yaya, wata goma ne fa kafin bikin, ga zafin Maris yana tafe. Nan wurin ba zai yi ba."

Gaskiyarsa. Jajayen za su kai Disamba, domin lokacin shekararsu biyu da ɗoriya. Sai a mayar da su kwali, a rufe, a kwantar da kwalin a gefensa, a tura ƙarƙashin gado a ɗakin da ya fi sanyi. A ɗora shi a kan katako saboda danshin damina kada ya jiƙa kwalin. Fararen kuwa sun riga sun doshi shekara uku. A ganina bai kamata su jira ba. Gara a roƙi mai kanti ya canza su da sababbi, ko a yi amfani da su a Ista, a sayi na biki a watan Nuwamba.

Yadda za a gane kwalbar da ta sha wahala

Ana iya ganewa ba tare da an buɗe ba. Ku shafa saman matoshin da yatsa. Idan ya taso ya wuce bakin kwalbar, zafi ne ya tura shi. Idan akwai danƙo ko busasshen tabo a wuya, ruwan ya taɓa tsiyayowa. Ku tsayar da kwalbar kusa da 'yar'uwarta ku gwada: wadda ruwanta ya sauko ƙasa da wuyan kwalba, iska ta shige ta. Farin da ya koma ruwan zuma mai duhu ya tsufa. Amma ɗan gari-garin da ke kwantawa a gindin kwalbar jan ruwan inabi ba lalacewa ba ne, a tsayar da ita kwana ɗaya kafin a buɗe, a zuba a hankali. Haka za ku duba a kanti kafin ku biya kuɗi, kuma kada ku karɓi kwalbar da aka jera a taga ko a rana bakin titi.

Aikin gida

Ku zagaya gidanku da ƙarfe biyu na rana, ku taɓa bangon kowane ɗaki, ku rubuta wanda ya fi sanyi. Idan akwai kwalba a gida, ku rubuta shekarar da ke jikinta da irin murfinta, ku lissafa shekarunta, ku zo da amsar a aji na gaba.